Ka Sayi Tsohuwar Waya, Ka Gyara, Ka Sayar: Riba Ka Ci Ko Faɗuwa Ka Yi?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko ya bi ta titin Beirut a Kano ya ga samari riƙe da wayoyi biyu ko uku a hannu, suna tarar masu wucewa. Da yawansu ba su da shago. Sana'arsu ita ce su sayi waya mai matsala da araha, su kai wa mai gyara, su sayar da ɗan ƙari. Mun san cikinku akwai waɗanda ke sha'awar gwada wannan a lokacin hutu, wasu ma sun riga sun fara da kuɗin da suka tara. Shi ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu zauna mu yi lissafin tare, domin mutum yana iya sayar da waya, ya koma gida yana murna, alhali asara ya tafka bai sani ba.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Farashin da za mu kawo na misali ne kawai, don kuɗin waya da na kayan gyara ba sa tsayawa wuri guda.

Mu ce wani ɗalibi ɗan aji biyar ya sami wata waya ƙirar Infinix a hannun maƙwabcinsu. Sikirin ɗinta ya fashe, amma tana kunnuwa. Suka daidaita a kan naira 48,000. Ya kai ta kasuwa, aka sa mata sabon sikirin na naira 17,000, mai gyara ya karɓi naira 3,000 kuɗin aikinsa. Sau biyu ya je kasuwar, ranar kaiwa da ranar karɓowa, kuɗin adaidaita ya ci naira 1,600. Da yake maƙwabcin bai ba shi caja ba, ya sayi caja da gilashin kare sikirin a kan naira 2,400. Bayan mako guda ya sayar da wayar naira 81,000.

Nawa ya ci?

Idan ka tambaye shi a ranar, wataƙila ya ce maka naira 33,000, wato ya cire 48,000 daga 81,000. Wannan shi ne kuskuren farko, kuma shi ya fi yawa. Kuɗin da ya miƙa wa maƙwabcinsu ba shi ne abin da wayar ta ci masa ba. Duk naira ɗaya da ta fita daga aljihunsa saboda wannan waya, daga ranar saye zuwa ranar sayarwa, tana cikin uwar kuɗi. Idan muka haɗa 17,000 da 3,000 da 1,600 da 2,400, za mu sami 24,000. Mu ɗora a kan 48,000, uwar kuɗi ta zama naira 72,000. To yanzu ne za a cire: 81,000 a ɗebe 72,000, saura naira 9,000. Ribarsa ke nan.

Ku lura da ƙananan kuɗin nan, na mota da na caja. Mutane kan tuna kuɗin sikirin saboda yana da yawa, su manta da waɗannan. Amma su biyun sun kai naira 4,000, kusan rabin ribar gaba ɗaya. Da akwai dillali a tsakani, la'adarsa ma a nan za ta shiga.

Sai kuma maganar kashi cikin ɗari, wadda za ku ci karo da ita a jarrabawar WAEC da NECO. Ƙa'idar ita ce a raba riba da uwar kuɗi, a ninka da 100. A nan 9,000 a raba da 72,000 a ninka da 100 ya ba mu 12.5. Ma'anarsa, kowace naira ɗari da ya zuba ta dawo masa da naira goma sha biyu da rabi a kai. Wasu ɗalibai kan raba da kuɗin sayarwa, wato 81,000, su sami kusan kashi 11. A jarrabawa wannan amsa ba daidai ba ce, sai dai idan tambayar ce da kanta ta ce a auna da kuɗin sayarwa. Shi kuwa mai lissafin 33,000, idan ya raba da 48,000 zai ga kusan kashi 69, ya ɗauka ya gano hanyar arziki. Tsakanin 69 da 12.5 akwai tafiya mai nisa.

Kashi 12.5 a mako guda ba abin rainawa ba ne. Matsalar ita ce ribar siririya ce, abu kaɗan ke karya ta. Mu sake komawa wurin mai gyara. Mu ce da ya buɗe wayar don sa sikirin, sai ya tarar batirin ya kumbura. Wannan ba abin da za a bari ba ne, domin batir mai kumburi yana iya ɗago sabon sikirin ɗin ya ɓata shi, yana kuma iya kamawa da wuta. Sabon batir da kuɗin sawa naira 8,000. Uwar kuɗi ta tashi daga 72,000 zuwa 80,000. Idan har ya sayar a 81,000 ɗin, naira dubu ɗaya tal ya ci, kashi 1.25 cikin ɗari. Idan kuwa mai saye ya matsa da ciniki har suka tsaya a 76,000, to ya faɗi da naira 4,000, wato asarar kashi 5 cikin ɗari. Ita ma asara da uwar kuɗi ake auna ta.

Abin da ya kamata ku riƙe a nan shi ne, kasuwa ba ruwanta da abin da ka kashe. Mai saye ba zai ƙara maka ko sisi don ka ce masa batir ya ci maka kuɗi ba. Shi dai ya san nawa ake sayar da irin wannan wayar mai lafiya a shagon gaba, kuma ya san nawa sabuwa take a kwali. Ke nan kuɗin sayarwa kusan a ƙayyade yake tun kafin ka shigo. Abin da ke hannunka shi ne kuɗin saye.

Saboda haka waɗanda suka daɗe a harkar daga ƙarshe suke faro lissafinsu, su dawo baya. Ga yadda ake yi. Ɗalibinmu ya zaga shaguna uku ko huɗu ya ga irin wayar nan, idan lafiyarta ƙalau, tana tafiya a 81,000. Ya tambayi mai gyara kuɗin sikirin da aiki tun kafin ya saya, ya ƙara da mota da caja, ya sami 24,000. Yana son ribar kashi 20 cikin ɗari. To 81,000 ɗin nan ita ce uwar kuɗi haɗe da kashi 20 nata, wato kashi 120 cikin ɗari. Sai ya raba 81,000 da 1.2, ya sami 67,500. Wannan ne iyakar abin da zai kashe gaba ɗaya. Mu gwada mu gani: kashi 20 na 67,500 shi ne 13,500, in aka haɗa su 81,000 cif. Yanzu ya cire 24,000 na gyara da sauransu daga 67,500, saura 43,500. Kada ya wuce nan wajen taya wa maƙwabcinsu. In kuma yana so ya ware 8,000 saboda abin da ba a gani sai an buɗe waya, tayinsa ya tsaya a 35,500. Maƙwabcin yana iya cewa albarka, kuma ba laifi. Cinikin da bai yiwu ba bai ci maka ko kwabo ba.

Akwai wani wuri da lissafin ke rikita har da manya. Mu ce ya riga ya kashe 80,000, sai ya gano wurin caji yana wasa, sai an karkata waya take ɗauka. A haka masu saye 76,000 suke tayawa. In ya gyara da naira 3,000, za ta tafi a 81,000. Zuciya za ta ce masa ya isa haka, kada ya ƙara zuba kuɗi. Amma 80,000 ta riga ta tafi, ko ya gyara ko bai gyara ba. Tambayar kawai ita ce, 3,000 ɗin nan nawa za ta jawo? Za ta jawo 5,000. In ya gyara, ya kashe 83,000 ya sayar 81,000, asararsa 2,000 maimakon 4,000. Gyaran ya dace, duk da cewa bai fitar da shi daga asara ba. Da a ce gyaran na injin wayar ne, mai cin 15,000 amma ya ƙara mata daraja da 10,000 kacal, to gara ya sayar da ita yadda take.

Yawancin irin wannan faɗuwa ana iya hango ta a minti goma kafin a biya kuɗi. Wayar da gilashinta ya tsage amma tana nuna hoto, za ka iya gwada komai nata: ka sa layi ka kira, ka ji lasifika da makirfo, ka ɗauki hoto gaba da baya, ka jona caja, ka duba ko bayanta ya ɗago. Wadda sikirin ɗinta ya mutu baƙi ƙirin kuwa, ba ka san abin da ke ciki ba, kuma mai ita zai ce maka "sikirin ne kawai". Mu dai shawararmu, mai fara koyo ya bar irin wannan. Haka kuma sikirin suna suka tara. Wayoyin da ke da sikirin AMOLED, kamar yawancin manyan wayoyin Samsung, canjinsa na asali yana da tsada sosai. In aka sa mai araha, launi yakan dusashe, kuma a wayoyin da ake ɗora yatsa a kan sikirin don buɗewa, wannan yakan daina aiki. Mai saye zai gane, zai rage kuɗi. In bai gane ba, kai ka faɗa masa abin da aka canza. Ɓoye aibin kaya algus ne, ga shi kuma wayar za ta dawo maka da rigima.

Asara mafi girma kuwa ba daga gyara take zuwa ba. Wayar da aka goge ba tare da an cire asusun Google ko na iCloud na mai ita ba takan kulle, ta nemi kalmar sirrinsa. Don haka mai sayarwa ya cire asusunsa, ya goge wayar, ya sake kunna ta a gabanka. Wayoyin da ake saya bashi ana biya kaɗan-kaɗan su ma kamfanin yana iya kulle su daga nesa in biya ya tsaya, ko da suna hannun wani. Sannan ka danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit. In mutum ya kasa cire asusu, ba kwali, ba rasit, ga farashi ya yi araha fiye da kima, kuma yana sauri, to ka bar masa kayarsa. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma ana iya bibiyar waya ta wannan lambar. Ranar da aka zo, wayar za ta tafi, 72,000 ta bi ta, asara kashi ɗari bisa ɗari, ga zuwa ofishin 'yan sanda da iyayenka. Shi ya sa muke cewa kada ɗalibi ya yi irin wannan ciniki sai da sanin babba a gida, kuma a rubuta takarda mai ɗauke da sunan mai sayarwa, lambar IMEI, kuɗin da aka biya, kwanan wata da sa hannun shaida.

Ga wanda za ku gwada a littafinku kafin mako mai zuwa. Wata ɗaliba ta sayi wayar Tecno naira 35,000, ta canza batir da 6,500, ta gyara wurin caji da 2,500, mota ta ci 1,000. Nawa za ta sayar don ta ci ribar kashi 20 cikin ɗari? In kuma 42,750 aka taya ta sallama, kashi nawa ta faɗi?