Farin ruwa mai kauri da ƙaiƙayi: Yadda ake bambanta cutar Kandida da rikicewar bakteriyar gaba

A Fika da Potiskum, kamar yadda yake a sauran garuruwan Arewa, kusan duk matsalar da ta shafi gaban mace sunanta ɗaya a bakin jama'a, wato "ciwon sanyi". Wannan suna ya haɗe cututtuka daban-daban a rumbu guda, abin da ke sa mata da dama shan maganin da ba na ciwonsu ba. Biyu daga ciki su aka fi rikitawa, alhali tushensu da maganinsu ba ɗaya ba ne.

Da farko ya kamata a sani cewa ba kowane ruwa ne cuta ba. Mace mai lafiya tana fitar da ruwa fari ko garai-garai, marar wari, wanda yakan ƙaru a tsakiyar wata da kuma lokacin juna biyu. A cikin farji akwai bakteriya masu amfani da ake kira Laktobasilus, waɗanda ke samar da tsami da ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. A ma'aunin pH wannan tsami yana tsakanin 3.8 da 4.5.

Cuta ta farko ta Kandida ce, wata halitta dangin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Kandida na zaune a jikin mata da yawa ba tare da wata illa ba, sai ta samu sarari ta yi yawa. An ƙiyasta cewa mata uku cikin huɗu kan gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Babbar alamarta ƙaiƙayi ne mai tsanani, sai farin ruwa mai kauri da ke dunƙulewa kamar marmashin awara, yana manne wa fata. Wurin kan yi ja ya kumbura, a ji raɗaɗi idan fitsari ya taɓa shi ko lokacin saduwa. Amma galibi babu wari, kuma tsamin gaba yana nan daidai.

Ta biyu kuwa rikicewa ce tsakanin bakteriyar kansu. Laktobasilus ke raguwa, wasu irin su Gadnerella su mamaye wurin, tsamin ya ragu har ma'aunin ya haura 4.5. Ruwan nan tsinkakke ne, fari-fari ko ruwan toka, da ƙarni irin na kifi, wanda ke ƙara fitowa bayan saduwa ko ƙarshen al'ada, domin maniyyi da jini duka suna rage tsamin. Ƙaiƙayi kaɗan ne ko babu. Mata da yawa ma ba sa jin komai.

A ɗauki misalin wata matar aure daga Gadaka, a ƙaramar hukumar Fika, wadda ta sha amoksisilin na mako guda saboda ciwon haƙori. Kwanaki kaɗan bayan ta gama sai ƙaiƙayi ya hana ta barci, ga farin ruwa mai dunƙule-dunƙule. Kunya ta hana ta zuwa asibiti, sai ta aiki mai gidanta kemis ya ce "maganin sanyi", aka ba shi metironidazol, wanda aka fi sani da filajil. Ta sha babu sauƙi, ta koma tsarki da sabulu mai ƙamshi da zama cikin ruwan bagaruwa, abin ya ƙara zafi.

Kowane mataki a nan yana da bayani. Amoksisilin ɗin ya kashe har da bakteriya masu amfani, Kandida ta samu fili. Filajil maganin bakteriya ne, ba ya taɓa Kandida, hasali ma yakan ƙara buɗe mata hanya. Sabulun kuma ya ƙona fatar da dama ta riga ta kumbura. Da ta je babban asibitin Fika ko na Potiskum, abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: a ɗebi ruwan da auduga, a ɗiga a takardar gwajin tsami, a duba a madubin likita. Ma'aunin da bai wuce 4.5 ba, tare da zare-zaren Kandida a madubi, ya isa hujja. Maganinta kulotirimazol ne da ake sakawa a gaba da dare, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500, ko mai 200 dare uku a jere, ko kuma fulukonazol na sha mai miligiram 150 sau ɗaya. Da tana da ciki, na sakawa kawai za a ba ta har kwana bakwai, domin ana guje wa fulukonazol ga mai juna biyu.

Da kuwa ƙarni ne ya kai ta, da lissafin ya juya. Tun 1983 likitoci ke aiki da ƙa'idojin Amsel, inda ake neman alamu uku cikin huɗu: tsinkakken ruwa, ma'aunin tsami sama da 4.5, ƙarnin da ke tashi idan an ɗiga sinadarin KOH a kan ruwan, da ƙwayoyin fata da bakteriya suka lulluɓe gefensu a madubi. A nan ne filajil ke da gurbi, miligiram 400 ko 500 safe da yamma na kwana bakwai, kuma dole a kammala ko da warin ya ɗauke a rana ta uku. Wannan rikicewa ba abin wasa ba ce duk da ba ta da zafi, domin tana da alaƙa da haihuwar bakwaini, tana kuma sauƙaƙa kamuwa da cututtukan saduwa har da ƙanjamau.

Akwai imani mai ƙarfi cewa a masai ake ɗaukar waɗannan cututtuka. Babu ɗaya daga cikinsu da ake ɗauka ta tsugunno a ban-ɗaki. Abin da ya fi cancantar zargi, a ganina, shi ne abin da ake yi da sunan tsafta da gyara: kurkure cikin farji da sabulu ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta, da matsin alif da sauran haɗe-haɗen da ba a san me ke ciki ba. Waɗannan suna wanke Laktobasilus ɗin da ke tsare wurin. Tsarki da ruwa zalla daga waje ya wadatar. A zafin watannin Maris zuwa Mayu kuma, kamfai na auduga ya fi na roba, wanda ke riƙe gumi.

Batun miji ma ya bambanta. Kandida ba a lissafa ta cikin cututtukan saduwa, don haka ba a yi wa miji magani sai in shi ma yana da ƙaiƙayi ko ja a kan mazakuta. Game da rikicewar bakteriya, wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a Maris 2025, ya nuna cewa yi wa namiji magani tare da matarsa ya rage dawowar cutar daga kashi 63 zuwa 35 cikin ɗari a makonni 12. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wannan magana ce da ta dace a tattauna da likita.

Ido kaɗai yana yaudara, tun da mace na iya ɗaukar cututtukan biyu lokaci guda. Ruwa rawaya ko kore mai kumfa alama ce ta Tirikomonas, wadda ake ɗauka ta saduwa, kuma dole a yi wa miji magani. Idan akwai ciwon mara, zazzaɓi, gyambo ko jini bayan saduwa, ba a tsayawa kemis. Haka nan wadda Kandida ke dawo mata sau huɗu a shekara, ya kamata a auna sukarin jininta, a kuma yi mata gwajin ƙanjamau.