Maki Ɗaya, Hukunci Uku: Yadda Ake Adana Ma'anar Tsohon Sakamako

Gabatarwa

An kafa Jami'ar Maiduguri a shekarar 1975, don haka a yau akwai iyaye da 'ya'yansu da suka fito daga tsangaya ɗaya, kowa da takardar sakamakonsa a hannu. Sai dai ƙa'idojin auna ɗalibi a Nijeriya ba su zauna wuri ɗaya ba a tsawon waɗannan shekaru. Wannan maƙala za ta dubi tambaya guda: idan aka sauya ƙa'ida, ta yaya hukuncin da aka yanke da tsohuwar ƙa'ida zai ci gaba da fahimtuwa?

Ma'auni Biyu

Ma'aunin da aka fi sani a jami'o'inmu shi ne mai daraja biyar. A cikinsa, maki 70 zuwa 100 shi ne A mai daraja 5, sai B (60 zuwa 69) mai 4, da C (50 zuwa 59) mai 3, da D (45 zuwa 49) mai 2, da E (40 zuwa 44) mai 1. Abin da ya gaza 40 shi ne F, ba shi da daraja ko ɗaya.

An yi wani lokaci da wasu jami'o'in ƙasar nan suka koma ma'auni mai daraja huɗu. A nan A ta sauko zuwa 4, B zuwa 3, C zuwa 2, D zuwa 1, aka cire E gaba ɗaya, makin tsira ya tashi daga 40 zuwa 45. Daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta umarci a dawo kan mai daraja biyar daga shekarar karatu ta 2018/2019. Ke nan akwai takardu na ma'aunan biyu suna yawo a hannun jama'a.

Misali a Aikace

Mu ɗauka wata ɗaliba ta yi kwasa-kwasai huɗu masu nauyi iri ɗaya. Ta sami 72 a Tsarin Sauti, 65 a Ginin Jumla, 63 a Adabin Baka, sannan 42 a Fassara.

Da ma'auni mai daraja biyar, tana da 5 da 4 da 4 da 1. Jimilla 14 ke nan, a raba gida huɗu a sami 3.50. Ta tsallake dukkan kwasa-kwasan. Da a ce wannan ne matsakaicinta na kammalawa, da ta fita da digiri mai daraja ta biyu babba, domin wannan rukuni ya kama daga 3.50 zuwa 4.49.

Da ma'auni mai daraja huɗu kuwa, tana da 4 da 3 da 3 da sifiri. Jimilla 10, matsakaici 2.50. Wannan daraja ta biyu ce ƙarama, kuma Fassara ta zame mata kwas ɗin da za ta maimaita, tun da 42 bai kai 45 ba.

Ga kuma hukunci na uku, wanda ya fi haɗari. A ce takardarta ta nuna 3.50 kawai, ba a faɗi ma'auni ba, sai ta faɗa hannun ma'aikacin da ya saba da mai daraja huɗu. A wurinsa daraja ta ɗaya tana farawa ne daga 3.50, don haka zai ɗauke ta a matsayin zakara. Ɗaliba ɗaya ce, amsoshinta ba su sauya ba, amma an karanta ta ta fuska uku.

Wani zai ce ai sai a yi lissafin mayarwa. To, wane lissafi? Idan aka ninka 3.50 da huɗu aka raba da biyar, 2.80 za a samu, ba 2.50 ba. Idan aka ce a cire ɗaya daga matsakaicin, a nan ya yi daidai, amma da zarar ɗalibi yana da F ko guda lissafin ya rushe, domin F sifiri ce a ma'aunan biyu, babu abin cirewa. Hanya mai tabbas ita ce komawa ga ainihin makin kowane kwas. Wanda ya adana harafi ko matsakaici kawai ya yar da makin, ya yi sakin reshe kama ganye.

Sauyin Ƙa'ida da Sauyin Kama

Ya kamata a bambance sauyi iri biyu. Na farko shi ne wanda muka gani, inda aka matsar da iyakar tsira, hukuncin kansa ya sauya. Na biyu shi ne sauyin kamar rubutu, inda hukuncin yana nan amma sunansa ya canja.

Takardun hukumar WAEC misali ne mai kyau. A tsofaffin takardu ana ganin A1, A2, A3, sannan P7 da P8. A na yanzu kuwa ana ganin A1, B2, B3, da D7 da E8. Abin da ya ceci tsofaffin takardun shi ne lambobin 1 zuwa 9 da ba su motsa ba. Mai A2 a da da mai B2 a yau a mataki na biyu suke. Amma wanda ya dubi harafi kawai zai ce uba ya fi ɗansa ƙoƙari, alhali matakinsu ɗaya. Darasin shi ne, a bar wani ginshiƙi da ba ya motsi a duk lokacin da za a sauya kama.

Wannan bai tsaya ga lambobi ba. A daidaitaccen rubutun Nijeriya muna rubuta 'ya'ya, a Jamhuriyar Nijar kuwa ana rubuta ƴaƴa. Malamin da ya ja layi ƙarƙashin kalmar ya rubuta "kuskure", bai gama hukunci ba sai ya faɗi ƙa'idar rubutun da ya bi.

Abin da Takarda Za Ta Ɗauka

Daga abin da ya gabata, akwai matakai huɗu. Da farko, kowace ƙa'idar aunawa a ba ta lamba da shekarar da ta fara aiki, kuma ko maki ɗaya aka matsar, a ba ta sabuwar lamba. Na biyu, tsarin takardar ma a ba shi tasa lambar daban, domin a san ko hukunci ne ya sauya ko kamarsa. Na uku, a rubuta ainihin maki kusa da harafi, sannan matsakaici ya zo da ma'auninsa, wato "3.50 cikin 5.00", tare da jadawalin ma'aunin a bayan takardar. Na huɗu, kada a goge tsohon hukunci. Idan ana bukatar sake auna shi da sabuwar ƙa'ida, a ƙara sabon layi mai kwanan wata, a bar na farko yadda yake.

Akwai alamun da ke nuna an karya wannan tsari. Idan ka ga harafin E a shekarar da aka ce ma'auni mai daraja huɗu ne, ko ka ga 42 ta zama tsira a wani zango ta zama faɗuwa a wani ba tare da bayani ba, to an cakuɗa ƙa'idoji biyu a takarda ɗaya.

Kammalawa

Mu ɗaliban harshe mun san cewa kalma ba ta da ma'ana sai a cikin harshen da ya haife ta. Haka 3.50 take, haka A2 take. Don haka duk ranar da ka karɓi takardar sakamakonka, ka juya bayanta ka duba ko an rubuta ma'aunin da aka auna ka da shi. In babu, ka nemi ofishin jarrabawa ya ba ka shi a rubuce, ka ajiye su tare.