Farashin Gero: Yadda Ake Gane Alkiblarsa da Tasirin Kaka

Farashin gero a babbar kasuwar hatsi irin ta Dawanau a Kano ba ya zama wuri guda. Idan aka riƙa rubuta shi mako-mako, za a ga abubuwa uku a cakuɗe. Akwai alkiblar da farashin ya dosa cikin shekaru, akwai hawa da saukar da ke dawowa kowace shekara tsakanin damina da kaka, sannan akwai tsalle-tsallen da ba su da tsari, kamar ranar da motoci suka makara ko wani babban dillali ya kwashe kaya. Masana ƙididdiga suna raba su ne da dabarar matsakaici mai tafiya.

A ɗauka cewa an sayar da tiyar gero a makonni biyar a jere kamar haka: naira 2,000, sai 2,400, sai 1,900, sai 2,600, sai 2,700. Ana haɗa ukun farko a raba uku, a samu 2,100. Daga nan a yar da makon farko, a shigo da na huɗu, a sake rabawa, a samu 2,300. In aka ƙara matsawa gaba, sai a samu 2,400. Farashin da ya yi ta kai da komo ya koma layi mai hawa a hankali. Kowace amsa ana ajiye ta a kan makon da ke tsakiyar ukun. In aka ajiye ta a makon ƙarshe, layin zai riƙa zuwa a makare, ya nuna juyawar kasuwa bayan ta riga ta juya.

Yawan makonni ko watannin da ake haɗawa shi ne ke yanke abin da za a goge. Makonni uku ba sa share komai sai ƙananan tsalle-tsalle. Amma in aka haɗa watanni 12, kowane lissafi yana ɗauke da tsadar Agusta guda da arahar kaka guda, don haka suna cinye juna, alkibla kaɗai ta rage. Wanda ya ɗauki watanni 10 ko 15 zai bar guntun tasirin kaka a cikin layinsa, ya ga kwana inda babu kwana.

Sai dai 12 ba ta da wata na tsakiya. Tsakiyar Janairu zuwa Disamba tana faɗawa ne tsakanin Yuni da Yuli. Maganin shi ne a fitar da matsakaicin Janairu zuwa Disamba, a fitar da na Fabrairu zuwa Janairu mai zuwa, a haɗa su a raba biyu. Amsar ta zama ta watan Yuli.

Da zarar an samu wannan layi, sai a raba farashin kowane wata da matsakaicinsa. Misali, idan farashin Agusta 3,000 ne, matsakaicin kuma 2,500, amsa 1.2 ce, wato Agusta ya ɗara da kashi 20 cikin ɗari. Idan Nuwamba ya ba da 0.8, ya gaza da kashi 20. Rabawa ta fi ɗebewa dacewa a nan, domin a ƙasar da ake fama da hauhawar farashi, ratar naira 500 ta bana ba ɗaya take da ta shekara goma baya ba. Shekara guda ba ta isa hujja ba. Sai an ga Agusta yana sama, Nuwamba yana ƙasa, shekara bayan shekara, sannan a fitar da matsakaicin kowane wata a kira shi ma'auninsa.

Da wannan ma'auni ake gane saukar da ba sauka ba ce. A ce tiya ta faɗo daga 3,000 a Agusta zuwa 2,400 a Nuwamba, mutane suna ta cewa kaya sun yi sauƙi. In aka raba 3,000 da 1.2, za a samu 2,500. In aka raba 2,400 da 0.8, za a samu 3,000. Ashe gero tsada ya ƙara, shigowar sabon hatsi ce ta rufe.

Dabarar tana da iyaka. Watanni shida na farko da shida na ƙarshe ba su da matsakaici, alhali na ƙarshen su ɗan kasuwa ya fi bukata. Haka kuma girgiza ta lokaci guda, irin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tana bajewa a kan shekara sukutum, sai layin ya yi tudu ko kwari mai faɗi. Shi ya sa ake ajiye farashin ainihi kusa da layin ana kwatantawa.

Azumi ma yana da nasa lissafin. Bukatar gero da sukari tana tashi a Ramadan, amma watan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya zagaye kalandar Miladiyya. Ma'aunin Janairu zuwa Disamba ba ya kama shi, don haka ake ware kwanakin azumi a auna tasirinsu daban.