Tsakanin Tukunya da Bakin Yaro

Ranar riga-kafi ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Mata sun cika benci, waɗanda ba su samu wuri ba sun shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, kowacce da goyonta da katin yaro a hannu. Kafin a fara allura, malamar asibiti ta ajiye kofi da cokali da fulas a kan tebur, ta tambaya, wace ce ɗanta bai yi gudawa ba a lokacin da ya fara shan kunu? Shiru. Can wata dattijuwa da ta rako jikanta ta ce, "Malama, ai wannan zawon haƙori ne, kowane yaro sai ya yi shi."

Malamar ta ce, "Iya, kin yi gaskiya, tare suke zuwa. Amma ba haƙorin ne ke kawo shi ba."

Bayanin da ta yi mai sauƙi ne. Yawancin yara suna fara haƙori ne wajen wata shida, kuma a daidai lokacin ne ake fara ba su abinci bayan nono, a lokacin ne kuma suke fara kai duk abin da suka tsinta baki. Wata shidan farko nono zalla ya ishi jariri, ko ruwa ba ya bukata, nonon kuma yana fitowa da tsabtarsa da kariyarsa. Ranar da aka fara kunu, ranar aka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Haƙori dai ya tarar da laifin ne aka ɗora masa. Abin da ke damuna da kalmar "zawon haƙori" shi ne tana sa uwa ta zauna jira, alhali yaro yana ta zubar da ruwan jikinsa.

Daga nan malamar ta bi kunu guda ɗaya tun daga murhu. Ta ce a ɗauka uwa ta dama kunun gero da ƙarfe bakwai na safe. Kunun da ya tafasa ya sauka daga wuta ba shi da matsala, zafi ya kashe ƙwayoyin da ke kawo gudawa. Ɓarnar tana farawa ne bayan an sauke. Yaro yana kuka, kunu da zafi, sai uwa ta ɗebo ruwan randa da moɗa ta sirka. Moɗar nan kuwa kowa a gidan ya taɓa ta, har da yaron da ya fito daga bayan gida bai wanke hannu ba, wani lokaci ma a ƙasa ake tsintar ta. Da wannan sirki ɗaya an mayar da abin da wuta ta kashe. Sai kuma uwa ta tsoma yatsa ta ji ko ya huce.

Maganin wannan bai kai naira ɗaya ba. A zuba kunun a kofi mai tsabta, a dinga juyawa da cokali, ko a tsoma gindin kofin cikin kwanon ruwan sanyi ba tare da ruwan ya shiga ciki ba. In lallai sai an sirka, da ruwan da aka tafasa aka rufe. Zafi kuwa, a ɗiga kaɗan a bayan hannu a ji.

Inda ta fi daɗewa shi ne batun ajiya, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Yaro ɗan wata shida cokali biyu ko uku yake sha a zama ɗaya, sauran sai a rufe da faifai a tura ƙarƙashin gado, a ba shi da hantsi, a ƙara masa da azahar. Ƙwayoyin cuta kuwa sun fi jin daɗin abincin da ba zafi ba sanyi, tsakanin digiri 5 da 60, kuma ɗakunanmu a bazara suna tsakiyar wannan. In yanayi ya yi musu daidai, wasu suna ninka kansu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya da ta shiga da ƙarfe bakwai tana iya zama sama da 260,000 kafin ƙarfe ɗaya na rana. Kunun bai yi wari ba, bai canza launi ba, babba ma yana iya sha ya wuce lafiya. Cikin jariri ne ba zai ɗauka ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba firji.

Wata matashiya ta ɗaga hannu. "Malama, icce da tsada, ga aikin gida. Wa zai hura wuta sau uku saboda cokali uku?"

Tambayar tana kan hanya, malamar ma ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta ce a ajiye gasarar ɗanya, kada a dame ta duka. Duk lokacin da aka ɗora girkin gida, a ɗibi kaɗan a dama wa yaro sabo, a bar shi ya tafasa sosai. Gasarar da ta kwana ta yi tsami tana da wani amfani ma: tsamin yana rage wa ƙwayoyin gudawa ƙarfin hayayyafa, shi ya sa koko ya fi kunu marar tsami jure ajiya. Amma rage haɗari ne kawai, kuma da zarar an zuba madara sai a ba yaro nan take. In ya zama dole a ba shi ragowa, a mayar da ita wuta har ta tafasa ko'ina. Ɗumamawa sama-sama ba ta kashe komai. Wanda yaro ya riga ya sa baki a ciki kuwa, uwa ta shanye ko a zubar.

Sai ta ɗaga fulas. Yana taimako, in ji ta, muddin kunu ya shiga yana tafasa kuma ya fito yana tururi. In aka buɗe da la'asar aka tarar ya koma ɗumi-ɗumi, fulas ɗin ya zama ɗakin rainon ƙwayoyin cuta. A kan fida kuwa ba ta sassauta ba: lungunan kwalbar da robar bakin ba sa wankuwa da kyau, kofi da cokali sun fi, na yaron shi kaɗai, a wanke da sabulu a kife a kan wuri mai tsayi inda kaji da ƙuda ba sa kaiwa. Hannu ma da sabulu, bayan an fito bayan gida, bayan an wanke wa yaro kashi, da kafin a taɓa abincinsa. Ta ƙara da hannun yaron kansa, wanda aka fi mantawa.

Duk da haka gudawa tana iya zuwa, domin ba dukkanta ce daga abinci ba. Akwai ta ƙwayar rota, wadda tsabta kaɗai ba ta tare ta, kuma Najeriya ta sa riga-kafinta cikin na yara tun 2022, ana ɗiga shi a baki. In gudawar ta zo, ba a daina nono, ba a daina abinci. A narka ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari na asibiti a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, yawanci lita ɗaya, ruwa mai tsabta, a dinga ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 a zubar. A haɗa da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya a kwana na uku.

Dattijuwar nan ta sake magana. "To in maɗigar yaro ta faɗa fa? Mu dai shafa magani muke yi."

Malamar ta matso ta ɗora tafinta a kan jikan. Ta ce faɗawar maɗiga alama ce ruwan jiki ya yi ƙasa sosai, daidai da faɗawar ido da ƙarancin fitsari. In aka ga haka, ko jini a kashi, ko yaro ya kasa kama nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi lakwas ba kuzari, to a goyo shi a taho, ko da tsakar dare ne, ana tafe ana ba shi ruwan.

Sannan ta buɗe akwatin allura ta kira kati na farko.