Yadda ake mayar da takardar bincike jawabin minti 10: silaid ɗaya, magana ɗaya

Ɗalibin da aka ba minti 10 a taron ƙara wa juna sani yakan buɗe PowerPoint ko Google Slides a wayarsa, ya bi takardarsa daga farko yana kwafewa: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, hanyar bincike. Kafin ya kai ga sakamako, shugaban zama ya ɗaga masa takardar "saura minti ɗaya". Abin da ya kawo shi taron sai ya faɗe shi a guje, ko ma ya sauka bai faɗa ba.

Lissafin ba wuya. Mai magana a natse yakan furta kalmomi kusan 130 a minti, ke nan minti 10 ba za su ɗauki fiye da kalmomi 1,300 ba. Silaid takwas sun isa, kowanne da ɗan abin da ya haura minti guda. Don haka aikin farko shi ne a rufe manhajar, a rubuta sakamakon binciken a jimla ɗaya. Duk silaid ɗin da bai taimaki wannan jimla ba, ba shi da gurbi.

Ga misali da binciken da Tavneet Suri da William Jack suka wallafa a mujallar Science a 2016, kan M-PESA, tsarin tura kuɗi ta waya na ƙasar Kenya. Jimlarsa ita ce: samun M-PESA ya fitar da gidaje kimanin 194,000, wato kashi 2 cikin 100 na gidajen Kenya, daga talauci.

Silaid na farko suna ne da take, daƙiƙa 20 sun ishe shi. Na biyu ya nuna mene ne M-PESA: Safaricom ta ƙaddamar da shi a 2007, mutum ya kai kuɗi wurin wakili, a zuba masa a layinsa. Na uku ya ɗauki tambayar: shin wannan ya rage talauci bayan shekaru? Na huɗu kuma bayanan da aka tattara, wato an riƙa komawa gidaje iri ɗaya ana yi musu tambayoyi daga 2008 zuwa 2014.

Na biyar ne ya cancanci minti biyu cur. Duk mai sauraro mai lura zai ce a ransa: ai ƙila masu hali ne suka riga kowa amfani da M-PESA, to ta yaya aka san tsarin ne ya ɗaga su? Masu binciken ba su kwatanta mai amfani da wanda ba ya amfani ba. Sun duba yadda yawan wakilai ya ƙaru a kusa da kowane gida a shekarun farko, sannan suka kwatanta gidajen da wakilai suka yawaita kusa da su da waɗanda abin bai kai gare su sosai ba. Idan ba a fahimci wannan ba, lambar 194,000 ba za ta gamsar da kowa ba. Taswira mai ɗigo-ɗigo ta fi lissafin da ke cikin takardar amfani a nan.

Na shida shi ne babban sakamako, lamba ɗaya da manyan haruffa. Na bakwai ya nuna cewa tasirin ya fi ƙarfi a gidajen da mata ke jagoranta. Akwai kuma batun mata kimanin 185,000 da suka bar noma suka koma kasuwanci, kuma a nan ake yawan zamewa, don mutum zai so ya cusa shi a silaid na bakwai. Magana ce daban. Ko dai a ba ta silaid nata a rage lokacin na biyu, ko a ajiye ta bayan silaid na ƙarshe saboda lokacin tambayoyi. Na takwas ya faɗi iyakar binciken: Kenya ce aka auna, ba kowace ƙasa ba.

Kan kowane silaid ya zama cikakkiyar jimla. "Sakamako" ba ya gaya wa kowa komai, amma "Gidajen da mata ke jagoranta sun fi amfana" ya isar da saƙo ko ga wanda ya ɗago kai daga wayarsa yanzu. Idan kan ya buƙaci "kuma" a tsakiya, alama ce silaid biyu ne aka haɗe. A karanta kanun takwas ɗin a jere ba tare da komai ba. In labarin bai fito ba, da gyara.

Hoton jadawalin da aka ɗauko kai tsaye daga PDF yakan yi kyau a allon waya, amma na kujerar baya ba zai ga komai ba a majigi. A ciro lambobi biyu ko uku a sake rubuta su, sauran bayani ya tafi Speaker notes. Sannan a kunna agogon waya a yi gwaji da murya a fili. Wanda ya gama a minti tara yana da sararin jiran majigi in ya yi gardama. Wanda ya kai 12 kuwa, silaid zai cire, domin saurin baki ba ya maido da minti biyu.