Cin ciniki 13 cikin 20, amma jari na raguwa

A cikin matasan da ke cinikin kirifto ko canjin kuɗin ƙasashen waje ta waya, akwai wanda zai rantse maka cewa ribarsa ta fi faɗuwarsa yawa, kuma gaskiya ya faɗa, amma jarinsa kullum ƙasa yake yi. Littafin da yake rubuta cinikinsa shi zai warware wannan, muddin ya rubuta komai, har da ranakun da ba ya son tunawa.

A ce ya yi ciniki 20 a wata guda, ya ci 13, ya faɗi 7. Raba 13 da 20, ka sami kashi 65 cikin ɗari. Wannan shi ne yawan cinsa, kuma shi ake yawan nuna wa abokai.

Sai a tara ribar cinikin nan 13, bayan an cire kuɗin dillali da duk wani caji. A ce ta kama naira 52,000. In an raba ta gida 13, matsakaiciyar ribarsa 4,000 ke nan. Asarar guda 7 kuwa ta kai 63,000, wato kowace faɗuwa tana cinye masa 9,000. Wanda ya zuba sakamakon a layin B na Excel, asara da alamar ragi, zai iya cire su haka:

```
=COUNTIF(B2:B21,">0")/20
=AVERAGEIF(B2:B21,">0")
=AVERAGEIF(B2:B21,"<0")
```

Lissafin da ya fi kowanne nauyi shi ne abin da kowane ciniki ɗaya ke barin masa, a haɗe da ci da faɗuwa. Ninka 0.65 da 4,000, ka sami 2,600. Ninka 0.35 da 9,000, ka sami 3,150. Cire na biyu daga na farko, sai ga giɓin 550. Duk lokacin da ya danna saye, kamar ya zubar da naira 550 ne. Don tabbatarwa, raba asarar watan, 11,000, gida 20: amsar ɗaya ce.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da ya ga 'yar riba sai ya rufe da sauri don kada ta gudu, in kuwa kasuwa ta juya masa baya sai ya matsar da iyakar asararsa, yana cewa za ta dawo. Da wannan halin, sai ya ci fiye da kashi 69 cikin ɗari kafin ya tashi ba riba ba asara. Da zai tsayar da faɗuwarsa a 5,000, cinsa kuma bai ragu ba, da kowane ciniki ya bar masa 850. Sai dai matse iyakar yakan rage yawan cin, domin wasu cinikin da za su farfaɗo za a rufe su da wuri.

Ciniki 20 ma sun yi kaɗan a yanke hukunci. Babbar riba guda ɗaya tana iya kumbura matsakaicin, don haka cire ta ka sake lissafi, ka ga ko sauran za su iya tsayawa da ƙafarsu.