Takardar sanar da jinkiri a aikin kwangila

Takardar sanar da jinkiri wasiƙa ce da ɗan kwangila yake aika wa mai aiki, ko injiniyan da mai aikin ya ɗora ya sa ido, idan wani abu ya faru wanda zai hana a gama aiki a ranar da aka sa hannu a kai. Abu uku take ɗauke da su: dalilin jinkirin, ayyukan da ya shafa, da yawan kwanakin da ake neman a ƙara. Muhimmancinta ya samo asali ne daga tarar da ke cikin yawancin yarjejeniyoyin gini, inda ake cire wa ɗan kwangila wani adadin kuɗi a kan kowace rana da ya wuce wa'adi. Idan aka ƙara masa wa'adi, ranar fara cire tarar ta matsa gaba. Idan ba a ƙara ba, zai biya ko da laifin ba nasa ba ne.

Manyan kwangilolin hanya da gada da ruwa, musamman waɗanda bankunan raya ƙasa ke ba da kuɗinsu, sukan bi tsarin yarjejeniyar FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara da aka kafa a 1913, mai hedikwata a Geneva. A bugunta na 1999, sashe na 20.1 ya ba ɗan kwangila kwana 28 ya aika sanarwa, daga ranar da ya san abin ya faru ko ranar da ya kamata a ce ya sani. Wanda ya bari kwanakin suka wuce ya rasa haƙƙin ƙarin wa'adi da na ƙarin kuɗi baki ɗaya. Bayan sanarwar, yana da kwana 42 daga wannan rana ta farko ya kawo cikakken bayani da hujjoji, bugun 2017 kuma ya tsawaita wannan zuwa kwana 84. Wasu yarjejeniyoyin suna da nasu adadin, don haka abin da aka sa wa hannu shi ake dubawa.

Misali zai fi fito da yadda ake lissafin. A ɗauka ana gina makaranta mai hawa ɗaya a Kano, za a miƙa ta ran 30 ga Satumba, tarar jinkiri kuma naira 200,000 ce a rana. Jadawalin aiki ya nuna injiniya zai kawo zanen rodin dakin, wato rufin kankaren da hawa na sama zai zauna a kai, ran 3 ga Maris, masu ɗaurin rodi kuma su fara ran 10. Zanen bai zo ba sai ran 24 ga Maris.

Dalili shi ne farkon abin da takardar ke faɗi, kuma ana son a faɗe shi da kwanan wata da lambar zanen da sashen yarjejeniyar da ake dogaro da shi. "An samu tsaiko daga ɓangaren injiniya" magana ce da ba ta kama komai ba. Abin da ke kama wa shi ne a ce zane mai lamba kaza ya kamata ya zo ran 3, an tuna wa injiniya a rubuce ran kaza, har yau bai zo ba, kuma ana neman ƙarin wa'adi a ƙarƙashin sashe na 1.9 da na 8.4. Ba kowane dalili yarjejeniya ke karɓa ba. Canjin zane, jinkirin miƙa fili, da tsaikon da mai aiki ko mutanensa suka jawo, duk suna ciki. Lalacewar injin kwaɓa kankare ko rigima da magina kan kuɗin sati, wannan a wuyan ɗan kwangila yake. Ruwan sama ma sai wanda ya wuce saba'ada: wanda ya karɓi aiki a Kano ya san Agusta watan ruwa ne, saboda haka sai ya kawo alƙaluman ruwan shekarun baya ya nuna na bana ya fita daban.

Sashe na biyu, wato ayyukan da jinkirin ya shafa, nan ne aka fi samun gardama. A wurin gini wasu ayyuka suna jere ne kamar sarƙa, ba a fara na gaba sai na baya ya ƙare. Ba a zuba kankare sai an ɗaure rodi, ba a jera bulon sama sai dakin ya yi ƙarfi, ba a yin rufi sai bango ya tashi, filasta da fenti kuma suna jiran rufi. Kwana ɗaya da aka rasa a wannan sarƙa, kwana ɗaya ne aka rasa a ranar miƙa gini. Amma katangar makarantar da magudanar ruwa ba sa cikin sarƙar. Ko sun makara da mako biyu, ana iya gama su yayin da ake fenti. Takardar da ta lissafa katanga cikin abin da zanen rodi ya tsayar ta raunana kanta, domin injiniyan da ya kama ƙari a wuri ɗaya zai yi shakkar sauran.

Daga nan ake fitar da kwanakin da ake nema. Zanen ya makara da kwana 21, amma ba 21 ɗin ne haƙƙin ɗan kwangila ba. Tsakanin 3 da 10 ga Maris akwai rarar kwana 7 da jadawalin ya riga ya bari, wadda ba ta tsayar da kowa ba. Ɗaurin rodi ya fara ran 24 maimakon ran 10, don haka jinkirin da ya taɓa ranar miƙa gini kwana 14 ne, sabuwar ranar kuma 14 ga Oktoba. A kuɗi, wannan tarar naira miliyan 2.8 ce da takarda ɗaya za ta kare shi daga biya. Sharaɗin shi ne a ce katakon da zai riƙe dakin ya riga ya tsaya ran 10. In kafintoci ba su gama ba sai ran 20, injiniya zai ce ko da zanen ya zo a kan kari ba za a iya ɗaure rodi ba, kuma a nan kwanakin da za a ba shi na iya raguwa sosai. Littafin da ake rubuta aikin kowace rana a wurin gini, da hotuna masu kwanan wata, su ne ke raba wannan gardama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jira. Ɗan kwangila yakan ce bari zanen ya zo tukuna a san iyakar asarar, ko ya ji nauyin rubuta wa mai aiki takarda don kada a ce yana neman rigima, sai ya wadatu da faɗa wa injiniya da baki a wurin aiki. Maganar baki ba sanarwa ba ce, ambaton matsalar a rahoton wata ma ba lallai a karɓe shi a matsayin sanarwa ba. Mafi aminci shi ne a fara ƙirga daga ranar farko: a wannan misali, kwana 28 daga 3 ga Maris yana cika ran 31, kwana 42 kuma ran 14 ga Afrilu. Ba sai an san adadin kwanakin ba kafin a aika. Idan jinkirin bai ƙare ba, takardar ta faɗi kiyasi ta kuma bayyana cewa na wucin gadi ne, a riƙa aika sabon bayani wata-wata, sannan a kawo na ƙarshe cikin kwana 28 bayan tasirin abin ya ƙare.

Ƙarin wa'adi da ƙarin kuɗi abu biyu ne daban. A tsarin FIDIC na 1999, ruwan sama mai tsanani kan jawo ƙarin kwanaki kawai, jinkirin zane kuwa kan jawo kwanaki da kuɗin da aka kashe a zaman jira, kamar hayar kayan aiki da albashin masu gadi, in an nema a cikin sanarwar. Takardar tana zuwa ne ga adireshin da yarjejeniya ta ambata, a ba mai aiki kwafe, a kuma karɓi sa hannun wanda ya amsa tare da kwanan wata. Daga ranar da cikakken bayani ya isa hannun injiniya, yana da kwana 42 ya amsa da amincewa, ko da ƙi tare da dalilansa.